Yadda ake gwada sabon kitso a hoto ba tare da an taɓa fuska da bakin gashi ba

Saura kwana goma bikin ƙawarta a Asawase, autarmu ta same ni a shagon da nake aikin hoto a Aboabo, ta miƙo min waya. Wata manhaja ta saka hotonta a ciki, irin waɗannan da ake danna sau ɗaya su ɗora wa mutum gashi. Shuku ya fito tsaf, amma wadda ke ƙarƙashin shukun ba ita ba ce. Hanci ya tsuke, fata ta yi haske, tabon da ke saman girarta ta hagu tun tana ƙarama ya ɓace, goshi kuma ya cika taf da gashi har gefe da gefe, alhali ni da ita mun san kitson da aka riƙa ja mata shekarun baya ya cinye mata gefen goshi.

Ta ce, "Yaya, kin ga ya yi min kyau ko?"

Na ce ya yi wa wannan baiwar Allah kyau, ke dai ba mu gani ba tukuna.

Mafi yawan irin waɗannan manhajoji sake zana kan gaba ɗaya suke yi, fuska da gashi, shi ya sa kamanni ke gocewa. Mai son ta san ko kitso zai karɓe ta kafin ta zauna awa uku a gaban makitsiya, dole fuskar da ke hoton ta zama tata, bakin gashin ma nata, da cikarsa da giɓinsa. Aikin da zan bayyana a nan ya tsaya ne a kan ƙa'ida guda: gashin aro yana farawa daga bayan bakin gashinki, ba ya hawa kansa. Da Photopea na yi, wanda ake buɗewa a burauza kyauta. Sunayen maɓallan kusan ɗaya ne da na Photoshop, duk wanda kike da shi ya wadatar. Wata fa'idar kuma, hoton da kika buɗe a cikinsa a kwamfutarki yake zama ana aikin. Ga mace mai rufe kai, wannan ya fi a tura hotonta ba ɗankwali zuwa wurin da ba ta san wa ke ajiye shi ba.

Hoton da za a yi aiki a kansa

Rabin wahalar a nan ake kashe ta. Na ƙi karɓar hoton da ta ɗauki kanta da hannu, don idan waya na kusa da fuska, abin da ya fi kusa da ita ne ke girma: hanci da goshi su taso, kunnuwa su ja baya su ƙanƙance, saman kai ya zame. Kitson da aka ɗauko daga hoton da aka yi daga nesa ba zai zauna a irin wannan kan ba, ko me aka yi masa.

Na tsayar da ita a barandar gida da safe, inda rana ba ta dukanta kai tsaye, bayanta katanga mai launi ɗaya. Na ja baya kamar mita 2, na zuƙo da `2x`, na riƙe wayar daidai tsayin idonta. Ta riga ta tsefe, ta taje gashin baya ta ɗaure shi ƙasa a ƙeya, goshi da kunnuwa duk a waje. Ban bari ta kwantar da ƙananan gashin goshi da man gashi ba, saboda su nake nema. In lokacin hunturu ne, a shafa ɗan mai a fuska a bari ya shiga kafin a ɗauka, don fatar da ta yi furu-furu tana wahalar daidaitawa da ta wani hoton.

Wajen turo shi kwamfuta, kada a bi ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi, siraran gashin su narke su zama dishi-dishi. A tura a matsayin `Document`, ko a haɗa waya da kwamfuta kai tsaye. Namu ya zo 3000 a 4000, kanta daga haɓa zuwa tsakiyar kai ya ci kusan fiksel 1500. Da wannan girman na auna duk lambobin fiksel da ke ƙasa. In hotonki rabin haka ne, ki raba su biyu.

Hoton da za a aro kitson

Abu biyu nake dubawa, kuma ba na sassauci a kansu. Na farko, juyin kai. In auta tana kallon kyamara sak, mai kitson ma sak za ta kalla. Ana ganewa ta kunnuwa: in duka biyu sun fito daidai a hoto ɗaya, a ɗayan kuma kunne ɗaya ya ɓuya, ba za su haɗu ba. Haka in ɗaya ta sunkuyar da kai. Hotunan da masu kitso ke tallata aikinsu da su yawanci daga sama ake ɗauka don a nuna zanen, kuma su ne suka fi yaudarar mutane. Kyansu ya kai, amma tsakiyar kai suke nunawa, alhali hotonki goshi yake nunawa.

Na biyu, inda haske ya fito. Ki dubi ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido, ki dubi gefen da inuwar hanci ta faɗi. A hoton auta haske daga dama ya zo. Kitson da muka samu, na wata 'yar'uwarmu ce a Nima da ta yarda ta turo, haskensa daga hagu yake. Wannan mai sauƙi ne, `Flip Horizontally` ya mayar da shi. Sai dai ki tuna juyin yana juya tsagar ma, in kitson mai tsagar gefe ne.

Jera leya

Leya kamar fallayen leda ne masu haske da aka jera, kowanne da abin da aka zana a kansa, na sama yana rufe na ƙasa. Ki buɗe hotonki, ki kulle wannan leyar ta ƙasa da alamar kwaɗo, kada ki sake taɓa ta har a gama. Ita ce shaidarki.

A samanta ki buɗe sabuwar leya don share tsohon gashin da zai leƙo ta gefen sabon. Da `Clone Stamp` ake yi, a debo katanga a shafe gashin, a tabbata an saita shi ya debo daga leyar ƙasa. Na auta kaɗan ne, ƙullin ƙeya ne ya ɗan leƙo ta bayan wuya. Minti biyu na gama.

Sai kitson. Ki zagaye shi da `Lasso` a hoton aro, ki haɗa har da goshi da idanun mai shi, ki kwafo ki liƙa. Idanun za su tafi daga baya, yanzu dai su ne ma'auninki. Ki rage `Opacity` zuwa 50 don ki riƙa ganin fuskoki biyun, ki shiga `Edit > Free Transform`, ki ja ta kusurwa yadda tsawo da faɗi za su tafi tare, har ido ya hau ido. Daga nan ki duba saman kunnuwa. In ido ya dace kunne bai dace ba, bambancin faɗin kai ne, `Warp` zai gyara shi da ɗan turi kaɗan. In tazarar ta kai rabin kunne, kada ki wahalar da kanki, nemi wani hoton.

Akwai ma'aunin da masu zane suka daɗe da shi: ido yana kusan tsakiyar kai, wato daga haɓa zuwa ido daidai yake da daga ido zuwa ƙoƙon kai. Kitson zane a manne yake da fata, don haka layinsa na waje ya bi ƙoƙon kanki na asali da kike hangowa ta ƙasa. In ya ɗaga sama da shi, kai zai yi tsawo kamar an kifa ƙwarya. In ya nutse, sai ki ga kamar an sare saman kan. Ƙullin shukun kaɗai ke da izinin wuce wannan layi.

Bakin gashi

A nan aikin yake, kuma a nan na fi daɗewa.

Ki mayar da `Opacity` 100. Ki kwafi leyar asali da `Duplicate Layer`, ki ja kwafin zuwa can sama da komai. Kitson zai ɓace, kada ki damu. Ki sa wa kwafin `Layer Mask` (a Photopea `Raster Mask` yake a rubuce). Ni mayafi nake ce masa: inda kika shafa baƙi ya rufe, inda kika shafa fari ya buɗe, kuma ba abin da ke gogewa, in kin yi kuskure sai ki sauya launi ki dawo da shi. Ki cika mayafin da baƙi gaba ɗaya, kitson zai dawo. Sannan ki ɗauki farin burushi ki buɗe fuskarki: goshi, gira, kumatu, kunnuwa duka biyu, wuya. A tsakiyar fuska ki shafa da cikakken ƙarfi, kada a bar ko ɗigon fuskar aro. Wurin da ake mantawa shi ne tsakanin gira da kunne, sai a ga wata inuwa mai launi daban, ashe fatar mai kitson ce ta rage.

Da kin iso bakin gashi sai ki sauya hannu. Burushi mai laushi, `Hardness` 0, girma kamar 60, `Flow` 15. Ki ci gaba da buɗewa har ki wuce bakin gashinki ki shiga cikinsa kamar faɗin ɗan yatsa, a hotonmu fiksel 80 zuwa 100. Ma'ana, santimita ta farko ta gashin da mai kallo zai gani naki ne na gaske, daga nan ya narke a hankali cikin kitson aro. Ki riƙa jan burushin daga goshi zuwa baya, yadda gashi ke kwanciya, gajere-gajere. In kika ja shi a kwance daga kunne zuwa kunne, zai bar layi kamar bakin hula.

Dalilin wannan wahala shi ne bakin gashin mutum ba layi ba ne. Daga fata zalla ake shiga siraran gashi marasa duhu, sannan masu ɗan kauri jefi-jefi da fata na leƙowa tsakaninsu, sannan gashi sosai. Gefen dama da na hagu ma ba su taɓa zama ɗaya ba. Ido ya saba da wannan tun muna yara, ko mutum bai san sunan abin ba, da ya ga an yanke shi da kaifi zai ce hoton nan da wani abu.

Ga matsalar da shuku ya kawo mana. Kowane layin kitso yana farawa siriri a bakin gashi, ya yi kauri yana tafiya baya. Goshin 'yar'uwarmu ya fi na auta cika, musamman gefe, don haka da na buɗe goshin auta, farkon layuka biyu na kowane gefe suka faɗa ƙarƙashin fatarta, aka bar su suna farawa da kauri kwatsam, kamar an guntule igiya. Auta ta ce, "Yaya, ki ɗan sauko min da gashin nan mana ya rufe wurin." Na ƙi. In na sauko da shi, hoton zai yi kyau, ranar kitso kuma makitsiya ba ta da gashin da za ta kama a wurin. Abin da na yi shi ne na zaɓi waɗannan layuka a leyar kitson, na tura bakinsu baya da `Warp` har siririn farkonsu ya zauna inda gashinta ya fara da gaske. `Liquify` ma yana yi, da babban burushi da turi kaɗan-kaɗan, amma a leyar kitson kawai. Alamar an wuce gona da iri ita ce saƙar kitson ta miƙe ta yi tsawo a wuri ɗaya fiye da maƙwabtanta.

In an gama aka ga wani wuri ya yi santsi da yawa, ana iya ƙara siraran gashi da hannu a sabuwar leya: burushi fiksel 1 ko 2, launin a debo shi daga gashinki da `Eyedropper`, `Opacity` kamar 40. Goma zuwa ashirin sun isa duk goshin, kuma a inda dama akwai gashi. Na taɓa zuba wa wata fiye da hamsin, goshinta ya koma kamar an yi masa zanen lalle.

Launi da haske

Kitson zane yana nuna fatar kai tsakanin layuka, kuma wannan fatar ta mai aro ce. 'Yar'uwarmu ta fi auta haske, sai tsagogin suka fito kamar an ja su da alli. Ki ɗora `Curves` a saman leyar kitson, ki maƙala shi da `Clipping Mask` don ya taɓa kitson kaɗai. Ki ja tsakiyar layin ƙasa har tsagar ta kusanci fatar da ke leƙowa a bakin gashinki. Kada ki auna da kumatu ko tsakiyar goshi, fatar kai takan ɗan fi fuska haske tunda rana ba ta cika samunta ba. In bayan haka tsagar ta yi ja ko ɗorawa fiye da taki, ki shiga `Red` ko `Blue` a cikin `Curves` ɗin ki taɓa kaɗan.

Sai baƙin. Baƙin gashi a hoto ba ɗaya ba ne, wani ya yi tsananin duhu, wani ya yi toka-toka. Dabarar da nake yi, in ɗora leyar `Black & White` a can sama na ɗan lokaci, launi ya kau, in kwatanta wuri mafi duhu a kitson da wuri mafi duhu a hoton asali, kamar gira ko ƙwayar ido. In kitson ya fi su duhu, zai yi kamar an liƙa shi. A ɗaga ƙasan `Curves` kaɗan, sannan a goge leyar gwajin.

Shuku baya yake tafiya, ba ya jefa inuwa a goshi, don haka inuwar da na sa kaɗan ce, a bayan kunne da gindin ƙullin. Sabuwar leya a `Multiply`, launin a debo daga inuwar ƙarƙashin haɓa, `Flow` 5. Baƙi zalla yana sa fata ta yi kamar da datti. In salon da kike gwadawa mai saukowa goshi ne ko mai zubowa kafaɗa, jelar da ta sauko sai an kwafe ta zuwa saman leyar fuska, inuwarta kuma a tsakaninsu, in ba haka ba fuskar za ta rufe su duka.

Abu na ƙarshe, ki zuƙo zuwa 200 ki dubi inda hotuna biyu suka haɗu. In kitson ya fi fuska kaifi, `Gaussian Blur` 0.5 zuwa 1. In fuska na da ɗan tsakin nan na kyamarar waya kitson kuma sumul, `Add Noise` 1 zuwa 2, a kunna `Monochromatic`. Duka a leyar kitso. Kuma ki riƙa ajiye aikin a `PSD` tun daga farko, kin san halin wutar garin nan.

Yadda za ki tabbata fuskar ba ta motsa ba

Ido yana gajiya, bayan awa guda komai daidai yake gani. Ki sake kwafar leyar asali, ki kai ta sama da komai, ki sauya yanayinta zuwa `Difference`. Duk inda hoton bai canza ba zai koma baƙi ƙirin, inda ya canza zai yi haske. Abin da ake so, fuska da kunnuwa da farkon bakin gashi su zama baƙi, haske ya fara daga bayansu. A karon farko na ga wani siririn haske a saman kunnenta na dama, ashe kunnen 'yar'uwarmu ne ya rage a wurin. Fari kaɗan a mayafi ya kawar da shi.

Wannan gwajin yana aiki har a kan hoton da manhaja ta yi. Na ɗora nata a kan na asali don ta gani, fuskar duk ta kama da haske, ido da baki da haɓa. In kina son kitson da manhaja ta zana, ba laifi, ki ɗauke shi a matsayin hoton aro, ki bi matakan nan, ki dawo da fuskarki a sama.

Daga nan ki juya hoton gaba ɗaya hagu zuwa dama ki kalla, karkata takan fito nan take. Ki ƙanƙantar da shi kamar girman hoton da ke jikin lambar waya. In a wannan girman ido ya fara zuwa goshi kafin ya je idanu, bakin gashin bai narke ba, ki koma mayafi.

Abin da ya rage tsakanin hoto da kai

Shukun 'yar'uwarmu da ƙarin gashi aka yi shi, auta kuma ba ta ƙari. Ƙullin da ke hoton ya ninka abin da gashinta zai bayar. Na zaɓi ƙullin kaɗai na rage shi zuwa kusan kashi 60 cikin 100, na auna da ƙullin da ta ɗaure a ƙeya kafin in share shi. Da ta gani ta ɓata rai, don babban ya fi burge ta, amma ƙaramin shi ne nata. Hoto kuma ba ya nuna nauyi ko zafin ja. Gefen goshin da ya riga ya yi rauni, in aka ci gaba da ɗaure shi tamau, gashin kan ƙara ja baya, in abin ya daɗe ma ba ya dawowa.

Muka fitar da hoton a `JPG`, ta kai wa Hajiyar da ke mata kitso a layinmu. Hajiya ta riƙe wayar nesa da ido, ta zuƙo goshin da yatsu biyu, ta ɗago ta dubi na auta, ta sake duban wayar.

Ta ce, "'Yata, waɗannan layuka biyu na gefe ba zan fara su daga nan ba, wurin ba zai ɗauki ja ba. Zan bar miki gashin gaban, in kama daga baya kaɗan, in karkato da su."

Auta ta dawo shago da yamma ta ce in gyara hoton yadda Hajiya ta faɗa, ta gani kafin Alhamis. Na buɗe fayil ɗin, na ƙara tura layukan baya da `Warp`, na faɗaɗa farin mayafin a gefe biyu da kamar fiksel 50. Bai kai minti goma ba.